Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Kibod

Kwamfuta ta tashi lafiya lau, ta kawo ka wurin saka kalmar sirri, ka ɗora yatsu ka danna haruffa, amma ko ɗigo bai fito ba. Ka sake dannawa da ƙarfi, ka girgiza kibod ɗin, ka zare ka mayar, shiru. A irin wannan lokaci yawancin mutane sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka kwamfutar ce gaba ɗaya ta lalace. Daga nan sai a ɗauke ta a kai kasuwa, inda ba a rasa wanda zai dube ta sama-sama ya ce, “Alhaji, wannan direba ne ya tafi, sai an yi mata fomatin.” Haka ake goge takardun shekaru saboda matsalar da batir guda biyu ko canjin kafa ɗaya zai iya magancewa. Wannan asara ce da ke ci min rai, domin kusan kullum babu dalilin yin ta.

Kafin harafin da ka danna ya bayyana a fuskar kwamfuta, sai ya bi ta matakai huɗu. Dole kibod ya sami wuta, ko daga batir ko daga kwamfutar. Dole saƙon ya sami hanya, ko ta waya ko ta iska zuwa ɗan ƙaramin dongul ɗin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Dole kafar USB da aka soka shi ta kasance tana aiki. Sannan a ƙarshe Windows ta karɓi saƙon ta hannun direba. Duk aikin mai bincike shi ne ya gano a wane mataki saƙon ya tsaya, kuma hanyar ganowa ita ce a canza abu ɗaya a gwada, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya canza batir, ya canza kafa, ya sake kunna kwamfuta duk a lokaci guda, ko da abin ya tashi bai san me ya gyara ba, gobe matsalar za ta dawo ta same shi inda ta bar shi.

Abu na farko shi ne ka sami damar shiga kwamfutar, tun da kalmar sirri ta tare hanya. Idan linzami yana aiki, duba kusurwar dama ta ƙasa a shafin shiga, akwai alamar Accessibility, wadda a Windows 10 ake kira Ease of Access. Danna ta, ka zaɓi On-Screen Keyboard. Hoton kibod zai fito a fuskar kwamfutar, sai ka riƙa danna haruffa da linzami har ka shiga. Da shi za ka yi duk ɗan rubutun da binciken zai buƙata.

Fitilar Caps Lock da ƙarar shiga

Ga mai kibod mai waya, akwai gwaji na daƙiƙa biyu da ya fi dogon bayani amfani. Danna maɓallin Caps Lock, ka kalli ’yar fitilarsa. Mutane da yawa suna zaton kibod ɗin ne ke kunna wannan fitila da kansa. Ba haka ba ne. Idan ka danna maɓallin, saƙo yana tafiya cikin kwamfuta, kwamfutar ce kuma take mayar da umarni cewa a kunna fitila ko a kashe. Saboda haka idan fitilar tana kamawa tana ɗaukewa duk lokacin da ka danna, ka tabbata wuta tana zuwa, wayar lafiya take, kafar lafiya take, kuma kwamfutar tana jin kibod ɗin. Matsalarka tana cikin saitin Windows ko cikin manhajar da kake rubutu a kai, ba ka da bukatar sayen komai. Idan kuwa fitilar ba ta motsa ba sam, to binciken ya koma kan waya da kafa.

Akwai kibod masu ado da fitilu kala-kala a ƙarƙashin maɓallai. Kada haskensu ya ruɗe ka. Wayar USB ta kibod tana ɗauke da siraran wayoyi huɗu a cikinta: biyu na wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu na saƙo. Na saƙon suna iya tsinkewa na wutar suna nan daram, sai kibod ya riƙa walƙiya kamar lafiyarsa ƙalau alhali ko harafi ɗaya ba ya aikawa. Wurin da wayar ta fi tsinkewa shi ne daidai inda ta fito daga jikin kibod, ko daidai wuyan kan da ake sokawa, saboda nan ne take yawan lanƙwasa. Riƙe wurin ka ɗan motsa shi a hankali kana danna Caps Lock. Idan fitila ta kama ta ɗauke gwargwadon motsin hannunka, ka gano mai laifi. Haka nan kibod ɗin da wayarsa ake cirewa: idan an canza masa waya da irin ta caji zalla, wadda babu wayoyin saƙo a cikinta, zai kawo haske amma ba zai yi rubutu ba.

Sai kuma kunne. Ƙara sautin kwamfutar, ka zare kibod ko dongul, ka mayar. Windows tana yin ’yar ƙara idan ta ga sabon abu ya shigo, da wata daban idan ya fita. Jin wannan ƙara yana nuna cewa kafar tana da rai. Idan ƙarar shiga da ta fita suna ta maimaita kansu ba ka taɓa komai ba, akwai wurin da ke haɗuwa yana rabuwa, ko dai kafar ta yi sako-sako ko wayar tana gab da tsinkewa.

Batir

A kibod mara waya, batir ne ke da kaso mafi girma na laifi, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ciro batir daga rimot ko agogon bango a ce ai yana aiki can, don haka lafiyarsa lau. Agogon bango yana iya tafiya da batir ɗin da ya kusa mutuwa. Kibod kuwa rediyo ne ƙarami a cikinsa, idan ƙarfin batir ya yi ƙasa sai zangon da saƙonsa ke kaiwa ya ragu. Alamar farko ba mutuwa gaba ɗaya ba ce. Haruffa ne za su fara ɓacewa a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya maimaita kansa, ko sai ka matso da kibod kusa da kwamfuta sannan ya yi aiki. ’Yar fitilar da ke jikinsa ma tana iya kawowa idan an kunna shi, domin kunna fitila bai kai aika saƙo buƙatar wuta ba.

Sabon batir AA ko AAA, idan aka ɗora masa mita, yana nuna bolt 1.5 zuwa 1.6. Idan ya sauko wajen 1.1, ya gama aiki a kibod da yawa. Masu caji kuwa bolt 1.2 ne ƙa’idarsu, don haka kada ka ga wannan lamba a kansu ka ce sun mutu. A canza su biyun tare, kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai janye sabon, kuma a irin wannan haɗi ne batir ya fi saurin yoyo. A duba alamar + da − da ke cikin gidan batir ɗin, domin a wasu kibod duka biyun gefe ɗaya suke fuskanta, ba kai da ƙafa ba kamar yadda hannu ya saba sakawa. A duba ɗan makunnin da ke ƙasa ko a gefe, wanda sau da yawa ake turewa wajen share tebur. Sabon kibod kuma yakan zo da ’yar leda a soke tsakanin batir da ƙarfe, sai an zare ta.

Buɗe gidan batir ɗin ka duba da kyau a wuri mai haske. Idan ka ga farin gari ko kore-kore ya daskare a kan sifirin, batir ya taɓa yoyo a ciki, kuma wannan dattin yana hana wuta wucewa ko da an saka sabo fil. Zafin ƙasarmu da batura masu araha da aka bari watanni a cikin na’ura su ne ke kawo wannan. Cire baturan, ka jiƙa ɗan auduga da ruwan lemon tsami kaɗan, ka goge ƙarfen, ka kankare abin da ya rage da bakin ƙaramin sukundireba har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka mayar da batir. Ka wanke hannu bayan haka, kada garin ya shiga ido. Idan sifirin ya kwanta, ɗan ja shi ya miƙe yadda zai matse batir.

Dongul

Kibod mara waya iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana ɓata wa mutane lokaci. Akwai mai dongul, akwai mai bulutut. Mai dongul ba zai taɓa fitowa a jerin na’urorin bulutut ba komai daɗewar da ka yi kana nema, duk da cewa su biyun a zangon 2.4 GHz suke aiki. Idan ka sayi sabo ba ka ga dongul a kwali ba, buɗe gidan batir na kibod ko na linzamin da suka zo tare, yawanci a nan ake ɓoye shi.

Dongul da kibod ɗinsa kamar kwaɗo ne da mabuɗinsa: tun daga masana’anta aka haɗa su, na wani ba ya buɗe na wani, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su kuma kamanninsu ɗaya. Wannan yana yawan faruwa a ofisoshi da cibiyoyin koyon kwamfuta inda aka sayi iri ɗaya da yawa, aka kwashe su don shara, aka mayar da su a cakuɗe. Wani lokaci ma kana rubutu a nan, haruffan suna fita a kwamfutar maƙwabcinka. Maganinsa alƙalami ne: a rubuta lamba ɗaya a kan kibod da dongul ɗinsa tun ranar da aka buɗe kwali.

Idan dongul ya ɓace, a yawancin kibod masu araha magana ta ƙare, sai dai a sayi wani kibod. Kamfanin Logitech yana da tsarin da ya sha bamban. Dongul ɗinsa mai suna Unifying, wanda ake gane shi da ’yar alama ruwan lemo mai kama da tauraro, yana iya ɗaukar na’urori har shida, kuma ana iya sayen wani a haɗa shi da tsohon kibod ta manhajar kamfanin, muddin kibod ɗin ma yana ɗauke da alamar. A 2021 kamfanin ya fito da wani mai suna Logi Bolt, kuma su biyun ba sa aiki da juna. Don haka kafin ka biya kuɗi a kasuwa, kifa kibod ɗinka ka dubi alamar da ke bayansa.

Mai kibod da linzami da suka zo tare a kan dongul ɗaya yana da wata sa’a. Idan linzamin yana yawo lafiya, to dongul da kafa duk sun fita daga zargi, saura batir ɗin kibod, ko makunninsa, ko haɗinsa da dongul. Wasu suna da maɓallin Connect a ƙasa, a matso da kibod dab da dongul a danna shi. Kibod ɗin da ke iya aiki da na’urori biyu ko uku kuma yana da maɓallai masu lamba 1, 2, 3 na sauya na’ura. Yaro ya taɓa ɗaya, kibod ya koma neman wayar hannu ko wata kwamfutar, kai kuma kana nan kana canza batir.

Na bulutut yana da tarkonsa. Lokacin haɗa shi, Windows takan nuna wasu lambobi ta ce a rubuta. A kan kibod ɗin da ake haɗawa ake buga su, sannan a danna Enter, kuma ba za ka ga komai yana fitowa ba yayin da kake bugawa. Idan ya taɓa aiki ya daina, shiga saitin bulutut, ka cire shi da Remove device, ka sake haɗawa daga farko.

Akwai gwaji guda da nake ganin ya fi kowanne sauƙi a wurinmu, tun da ba kowa ke da kwamfuta ta biyu ba amma kusan kowa yana da waya. Nemi ɗan mahaɗin OTG, irin wanda ake soka filashi a waya da shi. Soka dongul ko wayar kibod a ciki, ka soka a wayar Android, ka buɗe wurin rubuta saƙo. Yawancin wayoyi suna karɓar kibod nan take, sai dai wasu suna buƙatar a kunna OTG a cikin saiti tukuna. Idan haruffa suka fito, kibod da batir da dongul duk sun kuɓuta, matsalar tana jikin kwamfuta.

Na ga amfanin wannan a wani shagon buga takardu, inda wata baiwar Allah ke fama da kibod mara waya da ke tsallake haruffa, can kuma ya ɗauke gaba ɗaya na ’yan daƙiƙu. Ta riga ta canza batir, har ta fara tambayar kuɗin sabo. Mai gyaran da aka kira ya fara da mita, baturan suka nuna 1.5. Ya motsa linzami, ya ga shi ma yana tafiya yana tsayawa, wanda ya nuna abin ya shafi dongul ɗin da suke tarayya a kai. Ya zare dongul ya soka a wayarsa, ya buga layi uku ba tare da harafi ɗaya ya ɓace ba. Sai ya tambaye ta, “Hajiya, yaushe abin ya fara?” Ta ce tun da aka kawo mata abin ajiyar hotuna. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Kwamfutar tana ƙasa, bayanta na fuskantar bango, dongul yana soke a baya, kuma a kafar da ke manne da shi, mai shuɗin harshe, an soka wayar hadis na waje. Ya zare hadis ɗin, rubutu ya daidaita. Ya mayar, ya sa a kwafi hotuna, haruffa suka koma tsalle.

Dalilin sananne ne. Kafa mai shuɗin harshe ita ce USB 3.0, kuma idan na’ura tana aiki a kanta, tana fitar da hayaniyar lantarki da ke faɗawa daidai zangon 2.4 GHz da dongul ke sauraro. Kamfanin Intel ya fitar da takardar bincike a kan wannan tun 2012. Ga kuma akwatin ƙarfe na kwamfutar ya tsaya tsakanin dongul da kibod. Mitoci goma da ake rubutawa a kwali lissafin fili ne da babu shamaki. Gyaran da aka yi bai wuce ’yar wayar ƙari ta USB ba: aka soka ta a kafa mai baƙin harshe, aka jawo ɗaya bakin zuwa saman tebur, aka soka dongul a nan, tazarar taƙi biyu daga kibod. Ba a sayi kibod ba, ba a taɓa Windows ba.

Kafa

Binciken kafa ba shi da tsawo. Soka filashin da ka san yana aiki a kafar da kake zargi, sannan ka soka kibod a wata kafar. A kwamfutar tebur, kafofin baya sun fi aminci domin a jikin babban allo suke, na gaba kuwa da waya aka jawo su, kuma wayar tana iya zarewa a ciki. Idan akwai mahaɗa mai baki da yawa a tsakani, cire ta ka soka kai tsaye. Kafar USB 2.0 miliam 500 kawai take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900, idan aka tara filashi da fanka da cajin waya a baki ɗaya wutar ba za ta ishi kowa ba.

Haska fitilar waya cikin kafar. Ƙurar hunturu tana taruwa ta dunƙule a ciki, a kashe kwamfuta a fitar da ita da busasshen buroshi ko tsinken sakace, ban da allura ko wani ƙarfe. Idan harshen robar da ke ciki ya karye, ko ƙarafan sun lanƙwashe suna taɓa juna, daina amfani da wannan kafa, domin tana iya sa kwamfutar ta yanke wuta ga maƙwabtanta don kare kanta. Idan duk kafofin suka mutu lokaci guda, musamman bayan an ɗauke wuta ko an juya zuwa janareta, kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa talatin, sannan ka mayar. Wannan yana sauke ragowar wutar da ta maƙale, kuma sau da yawa kafofin suna farfaɗowa. Wanda ke da tsohon kibod mai zagayayyen kai ruwan shunayya, wato PS/2, ya sani cewa shi ba a soka shi kwamfuta tana kunne. A kashe, a soka, a kunna.

Sai yanzu a zo kan Windows

Gwajin da ke raba gardama tsakanin laifin ƙarfe da laifin manhaja shi ne BIOS, wato shafin saitin da ke tashi kafin Windows. Kashe kwamfuta, ka kunna, nan take ka riƙa danna maɓallin shiga: F2 a Dell, F10 ko Esc a HP, F1 a ThinkPad, Del a yawancin kwamfutocin da aka harhaɗa. Idan shafin ya buɗe kuma kibiyoyi suna motsa zaɓi sama da ƙasa, kibod da kafa lafiyarsu ƙalau, domin a nan Windows da direbobinta ba su ma tashi ba. Wannan gwaji yana yi da mai waya da mai dongul, amma na bulutut yawanci ba ya aiki a BIOS, don haka shirunsa a nan ba hujja ba ce. Tun da ka shiga, duba sashen USB. Kwamfutocin da aka yi amfani da su a ofisoshin ƙasashen waje kafin a kawo su nan wani lokaci suna zuwa da wasu kafofi a rufe daga BIOS, saboda tsaron bayanan kamfanin da ya mallake su. Buɗe su ya isa.

Idan kibod ya yi aiki a BIOS ya ƙi a Windows, fara da Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda ke sa Shut down ya adana halin da direbobi suke ciki ya dawo da su haka idan an kunna, har da wanda ya maƙale. Restart ne ke tayar da komai sabo. Daga nan gwada danne harafi ɗaya na daƙiƙa biyu. Idan ya fito bayan jinkiri, Filter Keys ne ya kunnu. An yi shi don masu rawar hannu, yana watsi da gajeren dannawa, kuma yana iya kunnuwa idan aka danne Shift na dama na daƙiƙa takwas, abin da littafi ko gwiwar hannu kan iya yi ba da niyya ba. Ana kashe shi a Settings, sashen Accessibility ko Ease of Access, ƙarƙashin Keyboard.

Bayan haka sai Device Manager. Danna alamar Start da maɓallin dama na linzami ka zaɓe shi, ko ka buɗe Run ka rubuta:

```
devmgmt.msc
```

Buɗe sashen Keyboards. Lafiyayyen kibod na USB yana fitowa da sunan HID Keyboard Device. Zare shi ka ga ko layi ɗaya zai ɓace, ka mayar ka ga ko zai dawo. Idan akwai alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kansa, danna shi da dama, ka zaɓi Uninstall device, sannan ka yi Restart. Windows za ta mayar da direban da kanta, domin direban kibod na gama-gari yana cikinta tun asali, ba a sauko da shi daga ko’ina. Shi ya sa nake jan kunnen mutane game da manhajojin da ke tallata kansu a intanet cewa za su sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Kibod na yau da kullum ba ya buƙatarsu, kuma wasunsu talla da ƙwayar cuta suke shigowa da su.

Saƙon da ke cikin alamar gargaɗin yana da ma’ana, a karanta shi. Idan a sashen Universal Serial Bus controllers ka ga Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed) tare da Code 43, ma’anarsa kwamfuta ta ji an soka wani abu, ta tambaye shi ko shi wane ne, bai ba da amsa ba. Duk da cewa a wurin direbobi saƙon ya fito, yawanci laifin waya ne, ko dongul, ko kafa, kuma sake direba sau goma ba zai canza komai ba. Code 19 ko Code 39 a kan kibod ɗin kansa kuwa yana nuni ga manhaja, sau da yawa wata da aka saka ko aka cire kwanan nan ta bar saura a hanyar kibod. Nan System Restore zuwa ranar da abin yake aiki ya fi dacewa, idan bai yi ba a kai wa wanda ya san aikin rajistar Windows, kada a shiga da ka.

Ga kibod ɗin da ke mutuwa bayan kwamfuta ta yi barci ta farka, danna USB Root Hub sau biyu a wannan sashe, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Windows ce ke kashe kafar don tattalin wuta, wani lokaci kuma ta kasa tayar da ita.

Akwai lokutan da laifin na Windows ne tsantsa. Mai gyaran da ya ɗora Windows 7 a kan sabuwar kwamfuta zai ga kibod da linzami sun mutu tun a shafin farko, domin Windows 7 ba ta zo da direban USB 3.0 ba. A watan Oktoba na 2025 ma wani sabuntawa na Windows 11 mai lamba KB5066835 ya sa kibod da linzamin USB sun daina aiki a shafin farfaɗo da kwamfuta, har sai da Microsoft ta fitar da gyara cikin ’yan kwanaki. Irin waɗannan suna faruwa, amma ba su ne na kullum ba, kuma ko su ba goge takardu ne maganinsu ba.

Shawarata ga duk mai shago ko ofis da abincinsa ya dogara da kwamfuta ita ce ya ajiye kibod mai waya guda ɗaya, ko mai araha ne, a cikin durowa tare da ɗan mahaɗin OTG. Ranar da mara waya ya tsaya, aiki ba zai tsaya ba, kuma da shi za a shiga BIOS a yi bincike. Idan kuma ta kama sai an kai wa mai gyara, kafin ka yarda a yi fomatin ka ce masa, “Injiniya, don Allah gwada min shi a wata kafar, a wata na’urar, sannan a BIOS, ina kallo.” Idan bai yi waɗannan ukun ba, kada ka bari ya goge maka komai.